Bugun zuciya da sauri: yadda za ka gane ko zazzaɓi, ƙishirwa ko fargaba ne suka jawo shi, ko daga zuciyar kanta ne

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya ce min "gabana yana ta faɗuwa, ƙirjina na dukan uku-uku, anya ba ciwon zuciya ba ne?" wani kuma ya turo hoton takardar ECG, wato awon wutar zuciya, an buga Sinus tachycardia a samanta hankalinsa duk ya tashi. To bari in jera muku yadda ake bin abin daki-daki, tun daga gida har asibiti.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga. A saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan wuri da yake ba da umarnin kowane bugu, shi ne ake ce wa sainos. Idan jiki ya shiga wani hali, zazzaɓi ko rashin ruwa ko tsoro ko ƙarancin jini, sai ya ƙara sauri don jini ya wadata, wannan shi ne Sinus tachycardia ɗin da kake gani a takarda, zuciya lafiyarta ƙalau aiki aka ba ta. Ɗaya nau'in kuma wutar zuciyar ce ta bi wata hanya daban ta shiga zagaye ko ta rikice, ba wanda ya nemi saurin. Kamar mai babur ne da ya murɗa totur don zai hau tudu, da wanda totur ɗinsa ya maƙale a kan shimfiɗaɗɗen titi. Duka biyun inji na ƙara, amma gyaran ba ɗaya ba ne.

Kayan da za ka tanada

Agogo mai nuna sakan ko wayarka, tamomita ta dijital irin wadda ake sayarwa a kemis, biro da takarda, sacet ɗin ORS ko gishiri da sukari, in da hali abin awon hawan jini da kuma sirinji mai mil 10 wanda ba allura a jiki. Tamomita da sirinji da ORS duk ba su da tsada, abin awon hawan jinin ne mai ɗan kuɗi kuma ba dole ba ne, yatsunka biyu sun fi shi amfani a wannan aikin.

1. Fara duba ko akwai alamar haɗari

Kafin ƙirge kafin komai, kalli mutumin. Idan bugun yana sauri kuma akwai ɗaya daga cikin waɗannan, ba zancen bincike a gida, asibiti kai tsaye ɓangaren gaggawa: ciwo ko nauyi a ƙirji musamman mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, numfashi yana gagara ko ba ya iya kwanciya sai a zaune, ya suma ko ya kusa suma, ya rikice yana magana ba kan gado, jiki ya yi sanyi yana zufa, baki ya karkace ko hannu ya saki, ko ana ganin jini yana zuba ko baƙin kashi kamar kwalta. Haka wanda aka san yana da ciwon zuciya tun da, ko ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, in ya ji bugu ya tashi da sauri yana jiri kar a tsaya gwaje-gwaje, a irinsu ne ake samun saurin da yake fitowa daga ƙasan zuciya, VT, wanda yake iya tsayar da ita cikin mintuna.

Gargaɗi: kar ya tuƙa kansa, kar a ɗora shi bayan babur shi kaɗai ba mai riƙe shi. A nemi mota ko adaidaita wani ya zauna kusa da shi.

In babu ko ɗaya daga ciki, mutum yana magana daidai yana tafiya da ƙafarsa, sai mu ci gaba.

2. Ƙirga bugun da hannunka

A zaunar da shi ko ya kwanta minti 5 zuwa 10 tukuna, wanda ya hawo bene ko ya shigo daga rana bugunsa ba abin dogaro ba ne. Sa yatsa manuni da na tsakiya a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ɗan danna kaɗan har ka ji yana harbawa. Kar ka sa babban yatsanka, shi ma yana da nasa bugun sai ka ƙirga naka kana zaton na mara lafiya ne. Ƙirga na sakan 30 ka ninka biyu, in kuma ka ji bugun ba ya tafiya daidai to ƙirga minti guda cur. In ya yi saurin da ba ka iya bi a hannu, ɗora kunnenka ko tafin hannunka a ƙirji ƙasan nono na hagu, ko ka ƙirga na sakan 15 ka ninka huɗu.

Babba a zaune yana hutawa, 60 zuwa 100 a minti shi ne daidai. Abin da ya haura 100 shi ne sauri. Na zazzaɓi da ƙishirwa da fargaba galibi tsakanin 100 da 140 yake yawo, da wuya ya wuce 150 ga babba da yake kwance. Na zuciyar kanta irin SVT, wato zagayen wutar da yake tasowa daga saman zuciya, yakan tashi 150 zuwa 220. Akwai ɗan lissafi mai amfani, ka cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kusan iyakar gudun da sainos ɗinsa zai iya ko da gudu yake a fili. Ɗan shekara 60 kenan iyakarsa wajen 160, to in ka same shi a kwance yana buga 175 ka san ba zazzaɓi kawai ba ne.

Sai dai lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci, akwai rikicewar bugu da take zama a 120 ko 130 musamman ga tsofaffi ko masu shan maganin rage bugu, kuma matashi mai zazzaɓi mai tsanani yana iya kai 150. Shi ya sa akwai sauran matakan.

Gargaɗi kan yara: nasu lissafin daban ne. Jariri sabuwar haihuwa 120 zuwa 160 lafiyarsa lau. A jariri sai bugu ya kai wajen 220, a yaro kuma wajen 180, ake fara zargin SVT. Jaririn da ya ƙi kama nono, ya yi fari, yana haki, bugunsa ba ya ƙirguwa, asibiti kawai.

Gargaɗi kan na'ura: abin awon hawan jini da wanda ake maƙalawa a yatsa da agogon hannu na zamani duk suna ruɗewa idan bugu ya rikice ko hannu ya yi sanyi, sai su ba ka rabin lambar ko wata lamba daban. Duk abin da suka nuna ka tabbatar da yatsunka.

3. Saurari tsarinsa, kuma ka maimaita ƙirgen

Nan ne mutane da yawa suke tsallakewa alhali nan amsar take ɓoye. Yayin da yatsunka ke kan jijiya, riƙa buga ƙafa a ƙasa tare da kowane bugu. In ƙafarka ta iya bin sa ba tuntuɓe, tsarinsa daidai ne. In kuwa wani ya zo da wuri wani ya makara, wani da ƙarfi wani da kyar ka ji shi, ba ka iya hasashen na gaba ko kaɗan, wannan ya yi kama da AF, wato rikicewar wutar saman zuciya, kuma zazzaɓi ko fargaba su kaɗai ba sa sa bugu ya rikice haka. A wajenmu an fi ganinsa ga mai hawan jinin da ya daɗe ba a kula da shi ba, da wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata masa ƙofofin zuciya, da mai maƙoƙo mai aiki fiye da kima. Ko da mutum bai jin komai sai ya ga likita a ranar, domin AF yana sa jini ya daskare cikin zuciya gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Wani abu daban shi ne bugu yana tafiya daidai sai ka ji ya tsallake ɗaya sannan na gaba ya zo da ƙarfi, jefi-jefi. Wannan yawanci ƙarin bugu ne da yake shigowa kafin lokacinsa, ana samunsa ga masu lafiya musamman bayan goro ko shayi mai kauri ko rashin barci, ba shi ne AF ba, amma in ya yi yawa a yi ECG.

Yanzu rubuta lambar farko da lokacin, ka sake ƙirgawa bayan minti 5, sannan bayan minti 10, ka sa ya ja numfashi a hankali ka ƙirga, ka sa ya yi hira ka ƙirga. Na sainos yana motsi, 124 yanzu, 116 an jima, ya tashi zaune ya koma 130, ya yi barci ya sauka. Na zagayen wuta kuwa a tsaye yake cak, 182, 182, 184, ko ya kwanta ko ya zauna ko an lallashe shi. Kuma ka kula da lambar 150 sosai, bugun da ya kafe a 150 daidai awa bayan awa ba ya gaba ba ya baya sau da yawa wani nau'i ne da takarda ke kira Atrial flutter, kuma shi ne aka fi kuskuren ɗauka a matsayin na zazzaɓi.

4. Tambayi yadda ya fara da yadda yake tsayawa

A ganina wannan tambayar ta fi kowacce daraja in ba ECG a kusa. Ka ce masa "ya aka yi ya fara, a hankali ya taso ko lokaci guda?" Mai SVT yakan ba ka amsa ba tare da tunani ba, ina zaune ina cin abinci kawai na ji fat ya tashi, ko na sunkuya zan ɗauki buta, kuma in zai tsaya haka yake yankewa lokaci guda har mutum ya ji kamar zuciyar ta ɗan dakata sannan ta koma daidai. Wasu suna jin bugun a wuya har ana ganin jijiyar wuya tana harbawa, wasu kuma bayan ya wuce sai fitsari mai yawa ya matse su. Yana iya yin minti 5, yana iya yin awanni, kuma galibi za ka ji ba wannan ne karon farko ba, tun suna makaranta yake zuwa yana tafiya.

Na sainos ba ya da wannan iyakar. Mutum ba zai iya ce maka ga sakan ɗin da ya fara ba, tun safe dai yake jin jikinsa ba daɗi, kuma saukarsa ma a hankali ce cikin mintuna ko awanni.

A batun fargaba ka tambayi wanne ya riga wanne. In tsoron ne ko mummunan labari ko tunani ya fara zuwa sannan zuciya ta biyo baya, da rawar jiki da bushewar baki da jin yatsu da leɓe suna tsira-tsira saboda numfashi sama-sama, abin ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ya fara lafawa, wannan ya yi kama da na fargaba. In kuwa bugun ne ya fara faɗowa babu gaira babu dalili sannan tsoro ya biyo saboda abin da mutum ya ji a ƙirjinsa, to a zargi zuciya.

Gargaɗi: abin da yake ci min rai shi ne yawan matan da suke shekaru ana ce musu damuwa ce kawai, ko tunani, ko iska, alhali SVT ne, saboda kafin su isa asibiti ya tsaya an auna an ga komai daidai. Kalmar fargaba ita ce ta ƙarshe da za a faɗa bayan an duba sauran, ba ta farko ba.

5. Nemo dalilin, ka ga ko ya kai girman saurin

Auna zafin jiki. Abin da aka saba gani shi ne duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru a kan 37, bugu yana ƙaruwa da kamar 10. Wanda ya saba buga 80, zafinsa ya kai 39, za ka sa ran wajen 100, in ga amai da rashin shan ruwa a kai ya kai 115 ko 125 ba abin mamaki ba ne. Amma zafi 38 da bugu 170 ga babba lissafi bai fita ba, akwai wani abu a ƙasa. Kar ka dogara da taɓa goshi da bayan hannu, kuma in ya sha farasitamol awa ɗaya ko biyu da suka wuce tamomita tana iya nuna daidai alhali zazzaɓin yana nan.

Sai ruwa. Yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, wane launi, harshe a bushe yake, akwai gudawa ko amai, ya wuni a rana, yana azumi a watan Afrilu ko Mayu, yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko mai ciwon suga ne da yake ta zarya bayi. Gwajin da zai taimaka, ya kwanta minti 5 ka ƙirga, ya miƙe tsaye minti ɗaya ka sake ƙirgawa kana tsaye kusa da shi kar ya faɗi. In bugun ya yi tsalle da 30 ko fiye ko jiri ya kwashe shi, ruwa ko jini ya yi ƙasa a jikinsa. SVT ba ruwansa da tsayuwa ko kwanciya.

Ja fatar ƙasan ido ka duba, da tafin hannu da harshe. In sun yi fari fat, ƙarancin jini ne yake sa zuciya gudu, ka tambayi al'ada mai yawa, ɓari, haihuwa, basir mai jini, maleriya da ta yi ta maimaituwa, sikila. Mace mai shekarun haihuwa da al'adarta ta makara, ga ciwon mara ga bugu da sauri ga jiri, a ɗauka cikin da ya zauna a wajen mahaifa ne ya fashe har sai an tabbatar ba shi ba ne, wannan na gaggawa ne.

Tambayi abin da ya shiga baki yau. Goro, kofi, shayi mai kauri ko ataya zagaye uku, lemukan ƙara kuzari, taba, maganin mura mai buɗe hanci, inhelar asma ko ƙwayar salbutamol, magungunan ƙarfin maza da ake haɗawa ba a san abin da ke ciki ba. Wanda ya saba da tiramadol ko kodin ko giya ya daina kwatsam shi ma zuciyarsa za ta yi ta gudu kwanaki. Mai ciki bugunta yana ƙaruwa da 10 zuwa 20 a kan na da. Wanda yake ramewa duk da yana cin abinci sosai, ba ya jure zafi, hannu na rawa, ido ya ɗan firfito, bugu sama da 100 har cikin barci, a gwada maƙoƙo.

Gargaɗi mai nauyi: don an ce na sainos ne ba yana nufin ba komai ba. Zuciyar ce lafiya, amma abin da yake kora ta yana iya zama mai kisa, ƙwayar cuta da ta shiga jini, zubar jini a ciki, gudan jini a huhu, ko zuciyar da ta gaza. Mai jego musamman, a watannin farko bayan haihuwa in tana bugu da sauri, tana haki in ta kwanta, ƙafa ta kumbura, tana tarin dare, kar a ce gajiyar haihuwa ce a ƙara mata kunun kanwa. Raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitoci a Zariya da Kano da Sakkwato sun daɗe suna ganinsa, kuma kanwa gishiri ce da take ƙara tara ruwa a jiki. Ita hoton zuciya take buƙata.

6. Gyara dalilin ka sake ƙirgawa

In ka sami dalili mai sauƙi, taɓa shi ka ga ko zuciya za ta amsa. A kai shi inuwa a rage tufafi. Babba ya sha farasitamol giram 1, wato ƙwaya biyu masu 500, kar a maimaita kafin awa 6 kuma kar a wuce giram 4 a wuni. A haɗa ORS sacet ɗaya cikin yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, in babu a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa a hankali. Mai fargaba a zauna da shi, ya ja numfashi ta hanci a hankali ya sake shi ta baki ya fi tsawo, minti 5 zuwa 10. Bayan awa ɗaya a sake auna zafi da bugu. Na sainos zai sauko tare da zafin, ko da bai koma daidai duka ba za ka ga ya motsa. In zafi ya sauka, ya sha ruwa ya yi fitsari, hankali ya kwanta amma lamba tana nan inda take, a tafi a yi ECG.

Gargaɗi: mai kumburin ƙafa, mai ciwon ƙoda ko wanda aka san zuciyarsa ta yi rauni kar a ɗura masa ruwa da yawa, kuma kar a kira wani ya sa masa ƙarin ruwa a gida, ruwan zai taru masa a huhu.

Gargaɗi na biyu, kuma kuskuren da aka fi yi: zuwa kemis a karɓi furofanolol ko atenolol don "a kwantar da bugu". In jiki ne ya nemi saurin saboda jini ko ruwa ya yi ƙasa, ka danne zuciya da magani to ka cire abin da yake riƙe da hawan jinin mutum, zai iya zubewa. Furofanolol kuma yana tayar da asma mai tsanani. Haka diyazefam, yana sa barci ya rufe alamar ya bar ciwon.

7. Gwajin yunƙuri, ga wanda ya dace kawai

Wannan na babba ne wanda bugunsa ya fara lokaci guda, tsarinsa daidai, ya haura 150, ba zazzaɓi, ba ko ɗaya daga alamun mataki na farko. Ya zauna a gado ya ɗan kishingiɗa, ya sa bakin sirinji mai mil 10 a bakinsa ya hura da ƙarfi kamar zai tura sandar baya, sakan 15 ba yankewa. Yana gamawa a kwantar da shi flat a ɗaga ƙafafunsa sama kamar rabin miƙewa na sakan 15, sannan ya koma zaune, a jira minti ɗaya a ƙirga. In ba sirinji ya rufe baki da hanci ya yi yunƙuri irin na bayan gida. Tsoma fuska a ruwan sanyi na 'yan sakanni shi ma yana aiki.

SVT ko dai ya yanke lokaci guda daga 180 ya dawo 90, ko ya ƙi motsi sam. Na sainos zai ɗan sauka kaɗan ya sake hawa a hankali. In an gwada sau biyu bai tsaya ba, ko ya wuce minti 20 zuwa 30, a tafi asibiti, can suna da allurar adenosin da ake turawa a jijiya da sauri ana kallon na'ura.

Gargaɗi: kar a danna ido, kar a murza jijiyar wuya a gida, ga tsoho hakan yana iya jawo shanyewar jiki. Mai tsohon ciki, mai hawan jinin ido, wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan da mai ciwon zuciya sananne su bar wannan gwajin ga likita.

8. ECG, kuma a yi shi lokacin da abin yake faruwa

Duk abin da muka yi a sama zato ne mai ƙarfi, takardar ECG ce take tabbatarwa, minti 5 ne ba zafi ba allura. Sirrin shi ne lokaci. In bugun ya tsaya kafin a liƙa wayoyin, takarda za ta iya fitowa tas kuma hakan bai wanke zuciya ba. Don haka in kana cikin abin, ka nufi wuri mafi kusa da yake da na'urar ka gaya wa nas a bakin ƙofa "yanzu haka yake yi, bugu 180 ne", kar ka zauna layin kati. Ka karɓi kwafi ko ka ɗauki hotonta da waya nan take, irin takardar nan tana gogewa da zafi.

Abin da likita yake dubawa shi ne ɗan tudun da ake kira P, a na sainos yana nan kafin kowane dogon tsini, kamanninsu ɗaya, a miƙe a layin II. A SVT ba a ganinsa ko ya ɓuya bayan tsinin, a AF babu shi sam kuma tazarar tsinin ba daidai ba, in kuma tsinin ya yi faɗi ya kai ƙananan akwati uku ana ɗaukarsa VT har sai an tabbatar ba shi ba ne. Rubutun da na'ura take bugawa da kanta a saman takarda kar ka ɗauke shi hukunci, tana kuskure musamman a bugun 150 ɗin nan.

Batun kuɗi, ka fara da masu arha: gwajin maleriya na yatsa, PCV na yawan jini, suga, gwajin ciki ga mace, da ECG wanda yawanci 'yan dubban naira ne kuma ya fi sauƙi a asibitin gwamnati. Gwajin gishirin jini da na maƙoƙo sun fi tsada. Hoton zuciya na eko da holta, wato ƙaramar na'urar da ake rataya maka awa 24 ko 48 tana naɗar bugu, su ne masu nauyi kuma an fi samunsu a manyan asibitoci irin na koyarwa na Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Ɗanfodiyo. In abin naka sau ɗaya yake zuwa a wata, holtar kwana ɗaya da wuya ta kama shi, ka gaya wa likita yawan zuwansa kafin ka biya.

Mu bi misali biyu mu gani

Ɗauki magini ɗan shekara 30 da ya dawo daga aiki a watan Afrilu yana cewa ƙirjinsa na bugawa. Yana magana daidai, ba ciwon ƙirji. Bayan hutun minti 10 bugu 126, tsari daidai, an jima 118, ya miƙe tsaye 150 da jiri. Bai san lokacin da ya fara ba, tun jiya dai yake jin sanyi da ciwon kai, fitsari sau ɗaya tun safe ja wur, tamomita 39.2. Lissafi ya fita, digiri biyu sun ba da kamar 20, rashin ruwa ya cike sauran. Farasitamol da lita ɗaya ta ORS, bayan awa guda zafi 38, bugu 102. Wannan gwajin maleriya yake buƙata a ranar da magani in ya nuna, ba maganin zuciya ba. In kuma gwaji bai nuna maleriya ba a nemi inda zazzaɓin ya fito, kar a yi ta shan maganin maleriya a makance.

Sai malamar makaranta 'yar shekara 35, tana zaune tana duba littattafai ta ji ya tashi lokaci guda, tana jin sa har a wuya. Bugu 188, bayan minti 5 188, a kwance 186, zafi 36.8, ido ba fari, ta sha ruwa ta ci abinci, kuma ta ce tun tana budurwa yake mata haka sau uku ko huɗu a shekara ana ce mata tunani ne. Ta hura sirinji aka ɗaga ƙafafunta, a karo na biyu ya yanke ya dawo 92. Ko da ya tsaya sai ta je da takardar da aka rubuta lambobin da lokutan, a yi ECG na hutu domin wani lokaci yana nuna ƙarin hanyar wuta da aka haife ta da ita, irin wadda ake rubutawa WPW, kuma wannan yana canza irin maganin da ya halatta a ba ta. In zuwansa ya yawaita akwai maganin sha na kullum, akwai kuma aikin da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙone hanyar da wutar take zagayawa, wanda yake warkar da mafi yawan masu irin wannan, likitan zuciya ne zai duba wanne ya dace da ita da kuma inda ake yinsa.